In Ruwa Ya Ci Gari, Ina Labari Ke Bi?

Ƴan uwa manoma, kun tuna damanar 2024. Ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi da Damagaram da Tawa, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi. Aka ɗage buɗe lakwal zuwa ƙarshen Oktoba, don azuzuwa da yawa cike suke da waɗanda gidajensu suka rushe. Kafin gajimare ya sake haɗuwa, ya kamata ku san hanyar da labarin ɓarna ke bi har taimako ya iso.

Tushen aikin yana ƙauye. A komin da yawa an kafa kwamitin gargaɗi, wanda ke haɗa ƙauyuka kaɗan na kusa da juna. Kowane wata suna zama su duba abinci, da lafiya, da dabbobi, da zaman jama'a, su cika takarda: lafiya lau ne, ko a yi hattara, ko abu ya tsananta, ko a kawo ɗauki. Takardar tana zuwa ma'aikatar magajin gari. Tun watan Afirilun 2024 da aka rushe majalisun komin, wakili ne da gwamnati ta naɗa ke riƙe da wannan kujera, amma ƙofar ba ta sake ba. Daga komin labari ya je wurin perefe, daga nan wurin gwamnan jaha, sannan Yamai.

Aikin komin na farko da rani ake yinsa: a yashe magudanai, a hana gini cikin ƙorama, a zaɓi tudun da za a kai mutane, a san mai amalanke da mai tarho a kowane gari.

To, a ce ruwa ya kwana yana zuba, da safe garinku ya wayi gari da ɓarna. Ba a jiran zaman wata. In akwai wanda gini ya danne, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Sannan mai gari da ƴan kwamiti su bi gida gida da takarda. A nan ne ku da kuka yi yaƙi da jahilci kuke da amfani. Kada ku rubuta "ɗakuna 70 sun faɗi" ku tsaya, don ɗaki ba ya cin tuwo. Ku rubuta sunan mai gida, da yawan bakin da yake ciyarwa, da yara ƙanana, da mata masu ciki. Ku ƙara da rumbun da ya jiƙe, da gonar da ruwa ya kwanta a kanta, da rijiyar da ƙazanta ta shiga.

Ga dalili. A ce gida 30 ne, mutum 240. In an lissafa wa kowa rabin kilo na hatsi a yini, kilo 15 ke nan a wata. Mutum 240 sau 15, kilo 3,600: buhu 36 mai kilo ɗari. Mai lissafin da aka ba ɗakuna kawai ba shi da abin da zai ninka, sai ya yi kirdado.

Da takarda ta isa, shugaban komin zai tara ma'aikata su zo su gani da idonsu. Mu malaman gona mu auna gonaki, mu faɗi inda wake zai iya kamawa in an sake shuka. Malamin dabbobi ya duba bisashe. Likita ya duba rijiyoyi, don bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa, shi ne zai faɗi yawan jabel da za a sa wa ruwan sha. Shi ya sa ƙari a takarda ba ya da riba. In an rubuta gida 50 aka tarar 30, sai a sake ƙirga daga farko, masu kwana a lakwal su ƙara mako suna jira.

Komin ba ta da dukiya mai yawa, kada ku zaci buhunan nan daga asusunta za su fito. Babban hatsi na gwamnati ne, yana ajiye a rumbunan OPVN, wani a raba kyauta, wani a sayar da rahusa. Ƙungiyoyin agaji kuma su kawo tabarmi da barguna da gidan sauro. Abin da ke hannun komin shi ne rabo. In kowace ƙungiya ta shigo da motarta ba ta biya ta ma'aikatar ba, garin bakin kwalta zai samu bargo sau biyu, na bayan ƙorama, inda mota ba ta ƙetarewa, bai ga ko ɗaya ba. Saboda haka in baƙi sun zo da kaya, ku karɓe su da kyau, amma ku tambaye su ko sun ga takardar komin.

Ku rubuta takardarku biyu. Ɗaya ta tafi, ɗaya ta zauna wurin mai gari da kwanan wata a kanta. Ranar rabo a karanta sunaye a bainar jama'a daga wadda ta zauna.