Hayar Filin Ƙwallo da Awa: Yadda Ake Kama Lokaci Ba Tare da Rigima Ba

A Kano da Kaduna da Abuja, ƙananan filayen ƙwallo masu ciyawar roba, waɗanda ake zagaye da waya a kafa musu fitilu, sun sauya yadda matasa da ma'aikata ke buga ƙwallo. A filin unguwa wanda ya riga zuwa shi ke da fili. A nan kuwa awa ake saya, mutum biyar-biyar ko shida-shida su shiga, lokaci na cika su fita wasu su shigo. Matsalar da ta fi yawa ita ce ƙungiya biyu su iso ƙarfe takwas na dare, kowacce tana rantsuwa cewa da ita aka yi magana.

Idan aka bi diddigi, galibi babu wanda ya yi ƙarya. Kyaftin ɗin farko ya kira manaja a waya ya ce a ajiye masa daren Juma'a. Na biyu ya zo da kansa, ya sami yaron da ke kula da ƙofa, ya ba shi kuɗi, yaron ya rubuta a littafinsa. Hannu biyu ne suka sayar da awa ɗaya. Wani lokacin ma harshe ne ke haɗa faɗan: a wurin Bahaushe "daren Juma'a" daren Alhamis ne wayewar Juma'a, amma wani ya ɗauka Juma'a da dare ake nufi. Shi ya sa manajan da ya san aikinsa ba ya karɓar magana sai da kwanan wata da ƙarfe nawa zuwa nawa.

Kuɗin da ake bayarwa tun farko iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya na jawo ɓacin rai. Akwai kafin alƙalami, wanda yanki ne na kuɗin hayar, shi ke ɗaure awar. Akwai kuma kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda aka fi karɓa a ɗakunan taro: idan an tashi biki ko walima ba a karya kujera ba, ba a fasa gilashi ba, an share wuri, ana mayar wa mai shi cif. Wannan na biyun amana ce a hannun mai wurin, bai kamata ya taɓa shi ba sai ya nuna abin da aka lalata da farashinsa.

Dalilin kafin alƙalami a fili yake. Awa ba buhun masara ba ce da za a mayar rumbu idan mai saye bai zo ba. Ƙarfe takwas na yau idan ta wuce babu kowa a fili, ta tafi ke nan, alhali an kori wasu da suka nema, an kuma tayar da jannareto.

A ɗauki misali. Fili ya sa awar dare a kan Naira 20,000, kafin alƙalami rabi. Kyaftin ya tura 10,000 ranar Litinin don wasan Alhamis daga ƙarfe 8 zuwa 9. 'Yan wasa goma ne, kowa zai ba da 2,000. Ƙa'idar filin ta ce wanda ya fasa kafin awa 24 za a mayar masa da kuɗinsa ko a sauya masa rana, wanda ya fasa bayan haka ya yi asarar kafin alƙalaminsa, sai fa idan an sami wasu suka karɓi awar. Ranar Alhamis da la'asar mutum huɗu suka ce ba za su zo ba. Yanzu kyaftin na da zaɓi biyu: ya fasa ya rasa 10,000 daga aljihunsa, ko su shida su buga, kowa ya biya sama da 3,300. Kyaftin mai dabara tun Litinin yake tara kuɗin kowa kafin ya tura, domin wanda ya riga ya biya da wuya ya ƙi zuwa.

Riƙe kafin alƙalami idan an fasa batu ne da malamai suka yi saɓani a kansa. Mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, tana cikin waɗanda suka hana, Hambaliyya ta halatta, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da shi a 1993, a ciniki da haya, da sharaɗin a iyakance lokacin jira. Mai filin da ba ya son shiga saɓanin yana da mafita mai kyau: ya mayar da kuɗin ajiyayye ga ƙungiyar, su yi amfani da shi wata rana da ba a cika rububi ba.

Ƙa'idojin da suka fi amfani su ne waɗanda suka amsa tambayar "idan kaza ya faru fa?" Idan jannareto ya mutu bayan minti 30, laifin fili ne, sai a biya ragowar lokacin. Idan hadari ya taso da tsawa a watan Agusta, ba laifin kowa ba ne, a ɗage wasan. Wanda ya makara da minti 20 kuwa daga lokacinsa ya ci, ba za a taɓa na masu bi masa ba. Yana da kyau awa ta zama minti 50 ko 55 na wasa, sauran na fita da shiga. A kuma lura da magariba, wadda a Kano take kamawa kusan ƙarfe 6 a Nuwamba, ta kai kusan ƙarfe 7 a Yuli. Jadawalin da bai bar mata gurbi ba zai riƙa cin lokacin mutane. Takalmi mai haƙoran ƙarfe da guntun sigari da cingam duk suna lalata ciyawar roba, saboda haka hana su na da hujja. A ɗakin taro, lokacin jera kujeru da kwashe su dole ya shiga lissafi, in ba haka ba masu taron ƙarfe 4 za su tarar ana kwashe kwanukan masu ƙarfe 2.

Sai kalanda, wadda ita ce ginshiƙin komai. Allo a bango ma ya isa, muddin shi kaɗai ne. Amfanin kalandar waya irin Google Calendar shi ne kowa na iya dubawa daga gida, kuma tana bambanta mai kallo da mai rubutu. 'Yan wasa a ba su izinin "See only free/busy (hide details)", su ga awar da aka kama ba tare da ganin suna ko lambar kowa ba. Izinin "Make changes to events" kuwa na manaja ne da mataimakinsa kawai. Kuma kada a rubuta awa a matsayin kamammiya sai kuɗi ya bayyana a asusun fili, domin hoton rasit na bogi ya zama ruwan dare. Mai nema a riƙe masa awa biyu ko uku; in bai biya ba a sake ta.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne filayen da al'umma ta gina da kuɗinta ko gwamnati ta yi wa unguwa. Da zarar an fara kama lokaci na dindindin, masu kuɗi kan kwashe duk yammaci da ƙarshen mako na watanni, yaran unguwa su koma leƙe ta waya. Kwamitin da ke kula da irin wannan fili ya kamata ya iyakance kamun dindindin zuwa wata ɗaya ko uku a sabunta, ya hana ƙungiya ɗaya riƙe fiye da awa biyu na yamma a mako, sannan ya ware wa yara da makarantu awanninsu kyauta, ya rubuta su a kalandar tun kafin a sayar da ko awa ɗaya.