Daga lambobin buret zuwa ƙarfin asid

Idan jarrabawar WAEC ko NECO ta matso, ɗaliban kimiyya kan riƙa ɗaukar hoton takardar gwajin da suka yi a ɗakin gwaje-gwaje, suna tura wa yayyensu ko malamai da roƙon a taya su lissafi. Gwajin da ya fi yawo shi ne taitireshin. Abin nema a cikinsa guda ɗaya ne: ga ruwan asid, ba a san ƙarfinsa ba, a gano shi.

Ga yadda ake yi. Ana zuba asid ɗin a buret, wani dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa, wanda ke cin 50 cm³. Sai a auni ruwan da aka san ƙarfinsa da fifet, a zuba a kwalba, a ɗiga masa sinadarin da ke canza launi. Daga nan ana sakin asid kaɗan-kaɗan ana kaɗa kwalbar, har launin ya juya.

Mu ɗauki takarda ɗaya a matsayin misali. A buret akwai HCl, a kwalba kuma 25.0 cm³ na Na₂CO₃ mai ƙarfin 0.0500 mol/dm³. An ɗiga metil oranj, wanda ke sauyawa daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo. An yi gwaji huɗu. Na share fage ya tashi daga 0.00 zuwa 24.80, na ɗaya daga 0.50 zuwa 24.55, na biyu daga 24.55 zuwa 48.50. Na uku ya fara daga 1.00, amma inuwar waya ta faɗa kan lambar ƙarshe, ba a gane ko 25.00 ce ko 25.60.

A nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, tun ba a kai ga lissafin ba. Sifilin buret a sama yake, lambobi suna ƙaruwa ne yayin da ruwa ke sauka, don haka lambar ƙarshe tana nuna inda ruwan ya tsaya ne kawai. Asid ɗin da aka zuba shi ne lambar ƙarshe a cire ta farko. Gwaji na ɗaya ya ci 24.05 ke nan, na biyu kuma 23.95, domin ɗalibin bai sake cika buret ba, daga inda ya tsaya ya ɗora. Wanda ya kwashi 48.50 kai tsaye zai sami amsar da ta kusa rabin ta gaskiya.

Gwajin share fage ba ya shiga lissafi. Da sauri ake yin sa don a san wurin da launi zai juya, shi ya sa yakan zarce. Na uku fa, mai inuwa? Idan 25.00 ce, ya ci 24.00, ya dace da sauran, kuma zuciya za ta so ta zaɓi hakan. A ganina wannan bai halatta ba, domin zaɓar lamba don ta yi daɗin lissafi ƙirƙirar sakamako ne. A nemi a sake ɗaukar hoton cikin haske, wayar tana daidai saman takardar. In bai samu ba, a ajiye shi. Biyun da suka rage tazararsu 0.10 ce, sun isa, matsakaicinsu kuma 24.00 cm³.

Yanzu sai lissafi, kuma da ma'aunin haɗuwar sinadaran ake farawa:

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

Lambar 2 da ke gaban HCl tana nufin kowane mol ɗaya na Na₂CO₃ sai da mol biyu na asid yake ƙarewa. Abin da ke cikin kwalba shi ne 0.0500 × 25.0 ÷ 1000, wato mol 0.00125. An raba da 1000 ne saboda 1000 cm³ ke yin 1 dm³, wato lita ɗaya. Asid ɗin da ya cinye shi ninki biyu ne, mol 0.00250, kuma a cikin 24.00 cm³ yake. Sai a ce 0.00250 × 1000 ÷ 24.00, amsa 0.104 mol/dm³. Idan an nemi nauyi, a ninka amsar, tun ba a taƙaita ta ba, da 36.5, nauyin mol ɗaya na HCl, a sami giram 3.80 a kowace lita.

Kafin a tura amsa, a gwada ta da hankali. Ruwan biyu kusan daidai suke a yawa, 24 da 25, kuma asid ninki biyu ake bukata, saboda haka dole ƙarfinsa ya ɗan haura ninkin 0.0500. Wanda ya ga 0.052 a takardarsa, ko dai ya manta da lambar 2 ɗin nan, ko kuwa bai cire lambar farko daga 48.50 ba.