Gyaɗa da riɗi: Abin da ya sa cokali ke ruɗar masu lissafin kalori

A Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru, da wuya a wuni ba a ci gyaɗa ba. Tana cikin kunun safe, tana cikin miyar yakuwa, ga kuma soyayya da ake sayarwa a kwalba a bakin titi. Shi ya sa idan likita ya ce wa mai ciwon sukari ko mai hawan jini ya rage ƙiba, tambayar da ke biyo baya ita ce: cokali nawa zan ci? Matsalar ita ce cokali yana auna cika ne, ita kuwa kalori nauyi take bi.

Bisa alƙaluman Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, giram 100 na ɗanyar gyaɗa yana da kalori 567, na riɗi 573, na markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuma kusan 590. Ke nan a kan sikeli duka ukun kusan ɗaya suke, wato kalori 6 a kowane giram, domin kusan rabin nauyinsu mai ne.

Amma da zarar an koma cokali sai lissafi ya bambanta. Cokalin da littattafan girki ke nufi, wanda a Faransanci ake kira cokalin miya, yana ɗaukar mililita 15 idan an shafe bakinsa. Idan aka cika shi da riɗi ko ƙwayar gyaɗa, nauyin bai wuce giram 9 ba, wato kalori 50 da ɗoriya, saboda akwai iska a tsakanin ƙwayoyin. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuwa ba ta barin gurbi, don haka cokalin nan yana ɗaukar giram 16, kusan kalori 95.

Babban kuskuren yana faruwa ne a wajen tozo. Riɗi yana zubewa idan ya yi yawa a cokali, amma markaɗaɗɗiyar gyaɗa tana da danƙo, tana iya hawa ta ninka shafaffen cokali.

A ɗauki misalin uwargida da ke dafa miyar yakuwa ta mutum biyar, ta zuba cokali huɗu masu tozo. A lissafinta, 95 sau huɗu ya ba da kalori 380, kowa ya samu 76. Idan aka ɗora a sikeli aka ga giram 130 ne, ainihin abin da ya shiga tukunya ya kai kalori 770, kowa ya tashi da fiye da 150. Wannan kuwa kafin a ƙirga mai da tuwo. Wanda ake yi masa irin wannan lissafi kullum zai yi ta mamakin yadda nauyinsa ya ƙi sauka.

Hanya mafi sauƙi ita ce a auna robar gyaɗar kafin a ɗiba, a sake aunawa bayan an ɗiba, a cire na biyun daga na farkon, sannan a ninka sakamakon sau 6. Da haka har abin da ya maƙale a jikin cokali ya shiga lissafi. Wanda ba shi da sikeli a gida yana iya sa mai shago ya auna masa giram 500, sai ya ƙirga cokali nawa ya ɗiba da hannunsa kafin ta ƙare. Idan cokali 16 ne, to kowane cokalinsa ya kai giram 31, wato kalori 185 ko kusa da haka.

Sai dai shi ma sikeli yana da iyaka, domin bai san yawan man da ke ciki ba. Tunkuzar da aka matse mai daga cikinta ba ta kai markaɗaɗɗiyar gyaɗa kalori ba, tunda duk giram 10 na mai da aka cire yana tafiya da kalori 90. Ƙuli-ƙuli kuma yakan sake shan wani man a wajen suya. Haka nan idan markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta daɗe a ajiye, mai yakan taso sama, sai cokalin farko ya fi na ƙarshe maiƙo. Don haka a juya ta sosai kafin a ɗiba.

Wannan lissafi yana da amfani ga iyayen yaro mai rama ma. Abincin gyaɗa na musamman da ake ba yara masu tamowa a asibiti yana zuwa ne a ƙunshi mai giram 92 da kalori 500, kuma da nauyin yaron ake ƙayyade ƙunshi nawa zai ci a rana. Uwar da ke ƙara gyaɗa a kunun ɗanta, idan ta san nauyin cokalinta, za ta iya faɗa wa ma'aikacin lafiya ainihin abin da yaron ke samu.