Ranar Ba da Maganin Tsutsar Ciki a Makaranta

Duk wanda ya fita daga wannan kwaleji ya kama aikin koyarwa a firamare, ko a cikin Azare ko a ƙauyukan ƙasar Katagum, watarana ma'aikatan lafiya za su zo masa da gwangwanin ƙwayoyi da wata doguwar sanda, su ce shi zai ba 'yan ajinsa magani. Abin da nake so 'yan'uwana ɗalibai su riƙe tun yanzu shi ne, ƙwayoyin nan iri biyu ne, kuma dokar ɗaya ba ita ce ta ɗayar ba.

Ta farko ita ce ta tsutsar hanji, watau macijin ciki da 'yan'uwansa. Sunanta albandazol, mai nauyin miligiram 400, wani lokaci kuwa a kawo mebandazol mai 500 a madadinta. Ƙwaya ɗaya tak ake ba kowane ɗan makaranta, babba ko ƙarami, ba ruwanka da tsawonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2017 cewa inda yara 20 cikin 100 ke da tsutsa a riƙa ba su duka sau ɗaya a shekara, inda suka wuce 50 kuwa sau biyu. Shi ya sa ba a tsayawa gwada bayan gidan kowane yaro kafin a ba shi.

Wannan ƙwaya tauna ta ake yi. Dalili kuwa biyu ne. Na ɗaya, aikinta a cikin hanji yake, inda tsutsar ke kwance, in ta sauka a niƙe ta fi saurin narkewa ta gauraya da abin da tsutsar ke ci. Na biyu, ƙwayar tana da girma, yaro ƙarami yana iya shaƙewa da ita in ya yi ƙoƙarin haɗiye ta ɗungum. Saboda haka sai yaro ya tsaya a gabanka, ya tauna kana gani, ya kora da ruwa, sa'an nan ya buɗe baki ka duba. Kada ka yarda ya ce zai sha a gida, don a aljihu za ta ƙare, ko a bakin ƙanensa. Yaron da ke kuka ko yana fizge-fizge kuwa, kada a toshe masa hanci a ɗura masa kamar yadda tsofaffi kan yi da jiƙo, nan ne shaƙewa ke faruwa. A bar shi ya huce, in ya ƙi a ƙyale shi. In iyaye mata sun kawo na goye, waɗanda ba su kai shekara 3 ba, wannan aikin malaman asibiti ne, su ke daka ƙwayar su dama da ɗan ruwa.

Albandazol ba ta damu da abinci ba, da ci da rashin ci duk tana kashe tsutsar hanji. Ta biyun ce mai sharaɗi.

Sunanta firazikwantal, miligiram 600, maganin tsargiya ce, cutar nan mai sa yaro fitsarin jini. Mu mutanen wannan yanki ba baƙuwarmu ba ce, gama ana ɗaukarta ne a ruwa mai kwanciya inda katantanwa ke zaune, ga shi kuwa muna da kogin Jama'are da fadamunsa da kududdufai, inda yaranmu ke wanka da kamun kifi. Ita wannan ƙwaya ba a tauna ta. Ɗacinta ya kai na maɗaci, yaron da ya tauna ta sau da yawa nan take zai yi amai. Haɗiye ta ake yi da ruwa mai yawa, ɗaya bayan ɗaya, in ta yi wa yaro girma a karya ta a kan tsagar da ke jikinta. Kuma lalle sai da abinci a ciki. Abinci yana taimakon jiki ya tsotse maganin sosai ya shiga jini, inda tsutsar tsargiya ke zaune, yana kuma rage murɗar ciki da tashin zuciya.

To, a nan ne wuyar aikin take a ƙauye. Yara da yawa sukan zo makaranta ba su karya ba. In ka tambayi aji gaba ɗaya, "Kun ci abinci?" kowa zai ce i, don kunya. Ni a ganina gara a sanar da iyaye tun ana gobe, ta bakin mai unguwa da liman, cewa kowane yaro ya ci ɗumame ko koko da ƙosai kafin ya fito. Ran nan kuma kada a fara rabo da sassafe, a jira a dawo daga tara, bayan yara sun ɗan taɓa wani abu. Wanda bai samu komai ba a nema masa ko kunu ne. Ruwan leda shi kaɗai ba abinci ba ne.

Sandar nan kuwa ta awon tsawo ce, don firazikwantal gwargwadon jiki ake ba da ita, miligiram 40 ga kowane kilo. Da yake ba kowace makaranta ke da sikeli ba, sai aka mai da lissafin kan tsawo. Mu ɗauki misali. Yaro ɗan aji huɗu ya cire takalmi da hula, ya jingina da sanda, kansa ya tsaya a santimita 130. Daga 125 zuwa 137 ƙwaya 2 ne, watau miligiram 1,200, wanda ya yi daidai da yaro mai nauyin kilo 30 ko kusa da haka. Sai ya tauna albandazol ɗaya, ya haɗiye firazikwantal biyu da ruwa, ka rubuta a rajista kafin na bayansa ya matso. Ƙanwarsa mai santimita 115 ƙwaya ɗaya da rabi za ta sha. Wanda bai kai 94 ba, ba naka ba ne, a kai shi asibiti. Haka kuma yaron da ya zo da zazzaɓi ko wata rashin lafiya, a ɗaga masa sai ya warke, mai farfaɗiya kuwa kada ka ba shi firazikwantal, ka miƙa zancensa ga malamin asibiti.

Bayan an gama kada a sallami yara, su zauna a inuwa kamar awa biyu ana lura da su. Cikin wannan lokaci waɗansu za su ce cikinsu na murɗawa, waɗansu jiri ko ciwon kai, wani ya yi amai ko ya zaga sau biyu. Yawanci firazikwantal ce ke kawo wannan, kuma ya fi tsanani ga yaron da tsutsa ta yi wa yawa, don jikinsa yana fama da tsutsotsin da maganin ya buge. A kwantar da shi a tabarma, a ba shi ruwa, kafin gobe ya wartsake. A raba shi da sauran kuma, gama in yarinya ɗaya ta yi amai a gaban aji, nan da nan goma za su ji zuciyarsu na tashi. Wanda ya amayar da magani kada ka sāke ba shi da ra'ayinka, ka rubuta sunansa ka gaya wa ma'aikacin lafiya.

Albandazol a hankali take aikinta, tana hana tsutsa cin abinci har ta mutu, don haka sai bayan kwana ɗaya zuwa uku uwa kan ga macijin ciki a bayan gidan ɗanta. A faɗa wa iyaye wannan tun da wuri, in ba haka ba za a ce malam ne ya sa wa yaro tsutsa, baɗi kuwa rabin aji ba za su zo ba.

Akwai alamun da ba a jira a kansu: fuska ko leɓe su kumbura, numfashi ya yi wuya, ƙuraje masu ƙaiƙayi su feso a jiki duka, amai ya ƙi tsayawa, ko yaro ya yi jijjiga ko ya suma. Ba safai ake ganin irin wannan ba, amma in ya faru asibiti za a nufa nan take. Saboda haka tun kafin a buɗe gwangwani hedimasta ya san wane asibiti ne mafi kusa, ya riƙe lambar wayar ma'aikacin lafiya, ya kuma yi magana da wani mai babur ya tsaya kusa da makaranta har a tashi.