Imel ga manajan sayayya da bai san ka ba: buƙata ɗaya tak

Duk manajan sayayya na wata masana'anta a Bompai ko Challawa yana da mai kawo masa kwali tun kafin ka zo. Ba zai sauya shi don wasiƙa ɗaya ba, domin in kwali ya fashe a cikin tirela, ko oda ta makara aiki ya tsaya, shi za a tuhuma. Amma ba ya ƙin a ce yana da na biyu a ajiye saboda ɓacin rana. Ta wannan ƙofa mai sayar da kwali zai shiga.

A ƙaddara kana da ƙaramin kamfanin kwali a Sharada, kana neman cinikin wata masana'antar sabulu. A layin take sai ka rubuta: "Kwalin sabulu daga Sharada, samfuri kyauta". Sannan wasiƙar:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Muna yin kwali mai ninki uku da mai ninki biyar a Sharada, Kano, tare da buga tambarin kamfani. Mafi ƙarancin odarmu kwali 2,000 ne, muna kai kaya cikin kwana 10. Roƙonmu ɗaya ne: a turo mana awon kwali guda da kuke amfani da shi, tsawo da faɗi da tsayi, da nauyin abin da yake ɗauka. Za mu kawo samfuri 20 kyauta ku gwada."

Sai suna, muƙami da lambar waya. Shi ke nan.

Lambobin misali ne, kowa ya sa nasa, amma ya sa na gaskiya. Wanda ya yi alkawarin kwana 10 ya kai a 20, ya rufe wa kansa ƙofa. An nemi nauyi ne domin shi ke nuna ko ninki uku zai isa. Kwalin da ya gaza, na ƙasa ne ke fara lotsewa idan an jera su a sito, musamman da damina, lokacin da takarda ke shan laima.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen roƙon. Wani zai nemi ganawa, ya nemi a sa shi cikin rajistar masu kawo kaya, ya liƙa katalog mai nauyi, duk a saƙo guda. Manajan sai ya ce zai duba daga baya, ba kuwa zai duba ba. Awon kwali kuwa abu ne da zai amsa cikin minti biyu, ko ya tura wa mai kula da sito, ba tare da ya ɗauki alkawarin komai ba. Farashi ma a bar shi tukuna, tunda ba a yanka kuɗin kwali sai an san awonsa. Takardun CAC da lambar haraji su jira sai an tambaya.

In mako ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko, da roƙon nan dai, kada ka ƙara wani.