Bin Sawun Kwamfuta da Fensir: Yadda 5, 1, 4, 2 Ke Shiga Layi

Duk wanda aka ba lambobi 5, 1, 4, 2 zai jera su daga ƙarami zuwa babba cikin ƙiftawar ido. Kwamfuta kuwa sai an tsara mata mataki-mataki, kuma masana kan zana matakan a taswira kafin su rubuta manhaja. Herman Goldstine da John von Neumann sun bayyana irin wannan zane tun 1947: akwatunan umarni, da na tambaya masu amsar "i" ko "a'a", da kibiyoyi masu nuna inda za a nufa.

Dabarar da aka fi koya wa ɗalibai ita ce ta kumfa, wadda babbar lamba ke tasowa a hankali har ƙarshen layi. Tambaya ɗaya ce ginshiƙin taswirarta:

```
A[i] > A[i+1]
```

Wato lambar nan ta fi ta gabanta girma? In ta fi, a musanya musu wuri, a kuma ɗaga tuta, alamar an yi musanya. Mai bin taswira yakan ɗora yatsa a kan kibiya, ya rubuta sabon jerin a takarda bayan kowane mataki.

A zagayen farko 5 ta fi 1, jerin ya koma 1, 5, 4, 2. Ta fi 4, ya zama 1, 4, 5, 2. Ta fi 2, sai ga 1, 4, 2, 5. Babbar ta isa mazauninta. A zagaye na biyu 1 ta zauna daram, 4 da 2 suka canza wuri, aka sami 1, 2, 4, 5.

A nan ɗalibai da yawa kan ajiye fensir, kuma kuskure ne. Ido ya ga an gama, amma taswira ba ta sani ba, domin tuta na sama. Dole kibiya ta koma baya, a sauke tutar, a yi zagaye na uku. Sai an ratsa layin ba tare da musanya ko ɗaya ba za a isa akwatin ƙarshe.

Wannan haƙurin shi ke tona asirin taswira mai aibi. In mai zane ya manta da sauke tuta a farkon kowane zagaye, yatsa zai yi ta kewayawa ba mafita. Haka ma in ya rubuta `>=` a maimakon `>`, sai dai jerin nan namu ba zai nuna matsalar ba, tunda babu lambar da ta maimaitu. A gwada 3, 1, 3: da zarar 3 biyun sun haɗu, za su riƙa canza wuri a kowane zagaye, tuta ba za ta zauna ƙasa ba. Shi ya sa gogaggen malami kan ƙara gwaji da jeri mai tagwayen lambobi, da wanda aka riga aka jera, da wanda ke a juye.