Layin Fenti a Harabar Gidan Haya: Wasiƙar da Maigida Zai Amsa

A wani gidan haya da na taɓa zama a unguwar Hotoro da ke Kano, magidanta huɗu ne, motoci uku da adaidaita sahu ɗaya, get kuma ɗaya. Akwai wani malamin asibiti a cikinmu da ke fita da ƙarfe shida na safe. Maƙwabcinsa ɗan kasuwa ne, ba ya dawowa sai bayan isha'i, sai ya cusa motarsa a bakin get ya shige ya kwanta. Kusan kullum da sassafe sai an buga ƙofa an tashe shi, ya fito yana ƙunƙuni. Tun ana gaisawa har aka koma sallama daga nesa, daga baya matan ma suka ɗauka.

Da malamin ya gaji, sai ya rubuta wa maigida wasiƙa shafi biyu cur. Ya zayyana laifin maƙwabcin tun daga ranar da ya tare, har da batun ruwan wanki da ake kwararowa ƙofarsa. Amsar da ta dawo ta bakin wakilin maigida ita ce a yi haƙuri, zaman tare sai da haƙuri. Ni dai ban ga laifin dattijon ba. An kai masa ƙara ne, shi kuwa ba ya son zama alƙali tsakanin mutane biyu da kowannensu ke biyansa kuɗin shekara.

Wasiƙa ta biyu ce ta yi aiki, domin kafin a rubuta ta sai da aka ari tef na magina aka auna harabar. Faɗinta daga katanga zuwa katanga mita 11 ne, daga get zuwa jikin gini kuma mita 12. Wurin ajiye ƙaramar mota guda, kamar yadda masu zanen gini suka saba warewa, faɗin mita 2.5 ne da tsawon mita 5. Mota irin Corolla faɗinta bai wuce mita 1.8 ba, ragowar kuma ta buɗe ƙofa ce, don kada wani ya kwarzane fentin wani. Motoci uku a jere sun ci mita 7.5 ke nan, saura mita 3.5. A bayansu kuma ana bukatar fili kamar mita 6 domin mutum ya yi ribas ya juya, ga shi an samu mita 7. Ashe wuri bai taɓa yin kaɗan ba, kowa ne yake ajiyewa a karkace.

Awon ya fito da wani abu da babu wanda ya kula da shi. A cikin mita 3.5 ɗin da suka rage ne murfin sokawe yake, kuma a kansa ɗan kasuwar kan hau da mota idan ya dawo da wuri. Galibin irin wannan murfi ba a zuba shi don ɗaukar nauyin mota ba. Har ya fara tsagewa daga gefe, ana jin wari idan rana ta take. Wannan shi ne abin da ya taɓa aljihun maigida, don haka shi aka sa a gaba. Ga yadda wasiƙar ta kasance, bayan kwanan wata da adireshi:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne ɗan hayarka na sashe na biyu. Na rubuto ne da sanin sauran maƙwabtana uku. Murfin sokawen da ke kusurwar gabas ya fara tsagewa saboda hawansa da ake yi da mota. Mun auna harabar, mun ga za ta ɗauki motoci uku a jere ba tare da an taɓa shi ba, kamar yadda zanen da ke haɗe ya nuna. Muna roƙon izininka a ja layi da fenti, a rubuta lambar kowane sashe a wurinsa, a bar gaban get da kan sokawe fayau. Kuɗin fenti da na mai aiki mu za mu haɗa. Muna kuma roƙon ka duba ƙa'idojin da ke shafi na biyu, ka gyara abin da ka ga dama, ka sa hannu, a haɗa su da takardar yarjejeniyar haya. Mun san wannan izinin amfani ne na tsawon zaman haya, fili naka ne. Za mu ji daɗi idan muka ji daga gare ka kafin ƙarshen wata. Allah ya ƙara girma."

Mai karatu zai lura babu sunan wanda ake kuka da shi ko sau ɗaya. Jimlar nan ta "fili naka ne" kuwa kada a raina ta. Masu gidaje da yawa suna ɗari-ɗari da duk abin da ya yi kama da mallaka wa ɗan haya wani yanki, ko ya hana su yin gini a wurin nan gaba. Idan ka cire masa wannan fargaba da kanka, sa hannu ba ya yi masa nauyi.

Ƙa'idojin ba su da yawa, kuma da gangan. Wanda ya fi sammakon fita shi aka ba wurin da ke saitin get. Motar baƙo a waje take kwana, sai idan mai wuri ya ba da aron nasa. Adaidaita sahu aka ba shi gefen katanga, daura da sokawen. Wanda ba shi da mota bai tashi a tutar babu ba, kuma nan ne adalcin yake, domin shi ma haya yake biya: igiyar shanya da wurin wasan yara an bar su a bayan gini, ba a yarda mota ko janareta su matsa can ba. Mai taron suna ko biki zai sanar kwana uku kafin ranar, a fitar da motoci. An ma rubuta inda za a ɗaure ragon layya, abin da ya ba maigidan dariya, amma duk wanda ya zauna gidan haya ya san rigimar da turke ɗaya kan haddasa.

Inda irin wannan wasiƙa ta fi lalacewa shi ne wajen miƙa ta. Wani ya ba maigadi, ta ɓace a hanya. Ka yi kwafi biyu, ka kai wa maigida ko wakilinsa hannu da hannu, ya sa hannu da kwanan wata a naka. Ka kai ta saura wata ɗaya ko biyu a sabunta haya, lokacin da ake son ka zauna. Kada ka ja layin kafin izini ya zo a rubuce, kada kuma ka zabtare kuɗin fenti daga kuɗin haya da ra'ayin kanka, domin a takarda bashin haya ne ya hau kanka. Alkawarin baki ma bai isa ba. Ranar da aka sayar da gidan ko aka canja wakili, sabon zai tambaye ka inda aka rubuta.

A gidan namu, maigida ya soke ƙa'ida ɗaya, ta kulle get da ƙarfe goma na dare, ya mayar da ita sha ɗaya saboda ɗan kasuwar. Sauran ya sa musu hannu, aka ja layin da farin fenti ranar wata Asabar.